Gyaran kalar bidiyon biki: yadda ake auna fatar fuska da bektaskof

Duk wanda ke editin ɗin bidiyon biki a garuruwanmu, daga Ringim zuwa Ɗambatta, ya san wannan ƙorafin. An kai aiki, dangin amarya sun kalla a waya, sai a kira a ce ango ya fito kamar an shafa masa toka, ko amarya ta yi ja kamar zazzaɓi ya kama ta. Kai kuma lokacin da kake aikin ka ga komai daidai. Idonka bai yi maka ƙarya da gangan ba, sabo ya yi. Idan mutum ya daɗe yana kallon hoto mai kore-kore, ƙwaƙwalwarsa na share koren da kanta har ya daina ganinsa. Ga kuma sikirin ɗin kwamfutocin da muke saye na hannu, kowanne da inda kalarsa ta karkata. Shi ya sa ake buƙatar ma'aunin da ba ya gajiya, kuma ba ruwansa da sikirin. Wannan ma'aunin shi ne bektaskof, wanda za ka gani a manhaja an rubuta `Vectorscope`.

Zan yi bayani da DaVinci Resolve, tunda akwai na kyauta kuma da shi nake aiki. Mai Premiere Pro zai samu ma'aunin a `Lumetri Scopes` da sunan `Vectorscope YUV`, kuma karatun duk ɗaya ne.

Karanta da'irar

Bektaskof da'ira ce, abu biyu kawai take faɗa. Gefen da alamar ta nufa shi ne irin kalar. Nisanta daga tsakiya shi ne ƙarfin kalar. Fari, baƙi da ruwan toka duk a tsakiya suke zama, domin ba su da kala. Haske kuwa ba ta san shi ba sam, kuma zan dawo kan wannan domin nan ne mutane da yawa ke zamewa.

A kewayen da'irar akwai ƙananan akwatuna shida masu haruffa: `R` ja, `Mg` shunayya, `B` shuɗi, `Cy` shuɗi mai sirkin kore, `G` kore, `Yl` rawaya. Ka ɗauke ta kamar fuskar agogo. Ja yana sama, ɗan hagu da ƙarfe 12. Rawaya tana hagu, tsakanin ƙarfe 9 da 10. Tsakaninsu, wajen ƙarfe 11, akwai layi da ya tashi daga tsakiya ya nufi gefe, a kusurwar digiri 123. Layin ya samo asali ne daga tsohon tsarin talabijin mai kala na NTSC, daga baya masu gyaran kala suka lura fatar ɗan Adam a kusa da shi take faɗawa, suka mai da shi ma'auni. A Resolve ba ya fitowa sai ka kunna: shiga shafin `Color`, buɗe `Scopes`, zaɓi `Vectorscope`, shiga saitinsa ka sa alama a `Show Skin Tone Indicator`. Ka kunna `Show 2x Zoom` ma, domin alamar baƙar fata gajeriya ce, ba ta nisa da tsakiya, sai an ƙara mata girma ake ganin inda ta karkata.

Wani zai ce wannan layin ai na Turawa ne. Ba haka ba ne. Baƙi, wankan tarwaɗa da fari duk a kusa da layin suke. Abin da ya fi bambanta fata da fata shi ne yawan hasken da take mayarwa, irin kalar kuwa tana zama a ɗan taƙaitaccen wuri tsakanin ja da rawaya. Wani ya ɗan fi karkata ja, wani rawaya, amma lafiyayyar fata a farin haske ba ta zuwa kore ko shunayya. Idan ka gan ta can, daga fitila ne, ko kyamara, ko hannunka.

Kafin ka taɓa fuska

Ga aikin da za mu bi. Kamu ne a wani ƙauye kusa da Ringim, an ɗauka da la'asar a ƙarƙashin rumfar tamfol ja. Ango baƙi ne sosai, yana sanye da farar babbar riga. Amarya wankan tarwaɗa ce, an yi mata kwalliya mai nauyi, hannuwanta cike da lalle. Ƙawaye sun yi anko ruwan goro. Bayansu katangar ƙasa ce. Bayan magariba an ci gaba a tsakar gida da ƙwan fitila masu arha da janareta.

Idan an ɗauki bidiyon a Log, wato hoton da ke fitowa a koɗe, sai ka fara mai da shi Rec.709 da `Color Space Transform` a nod na farko, wato akwatin farko a jerin akwatunan da ake zuba gyara ɗaya bayan ɗaya a shafin `Color`. Kafin hakan duk abin da bektaskof ya nuna maka dunƙule ne a tsakiya, ba zai karantu ba. Idan waya ce ko kyamarar da ta ba da kala tun daga ɗauka, ka wuce.

Nod na gaba na haske ne, kuma `Waveform` ake kallo a nan. Ma'aunin Resolve daga 0 zuwa 1023 yake. A wannan bidiyon na sa farar rigar ango ta tsaya wajen 850 don kada aikin zaren da ke wuyanta ya ɓace, kuncin ango ya zauna wajen 350, na amarya wajen 480. Waɗannan lambobin na wannan hoton ne, wata fuskar da wani hasken za su ba da nasu. Abin kiyayewa shi ne tazarar da ke tsakanin mutanen biyu. Allah bai yi su da haske ɗaya ba, kada ka yi ƙoƙarin daidaita su.

Sai nod na daidaita fari. Nemi abin da ka tabbata fari ne ko ruwan toka a cikin hasken da fuskokin suke, a nan kafaɗar rigar ango. Buɗe `Parade`, ma'aunin da ke nuna ja, kore da shuɗi a jere, za ka ga ja ya haura kore da shuɗi sosai, saboda ranar da ta ratso jan tamfol. Ja `Temp` zuwa shuɗi a hankali har kawunan ukun su matso kusa da juna. Hattara ɗaya: wasu fararen shaddoji da aka wanke da bula suna da sirkin shuɗi tun asali, idan ka tilasta musu zama fari tas hoton gaba ɗaya zai koma rawaya.

Kuma a rumfa irin wannan ba za ka iya kammala gyaran da `Temp` kaɗai ba. Haske iri biyu ne a hoton: ja a cikin rumfa, farar rana a waje. Idan ka cire jan duka, sararin da ke bayan mutane zai koma shuɗi mai kore. Ka tsaya a rabin hanya, daidai inda wajen ya fara canzawa. Ragowar a kan fuska za a yi shi.

Ware fatar ita kaɗai

Idan ka kalli bektaskof na dukan hoton, alamar anko da katanga da tamfol duk sun hau kan juna, ba ka san wacce ce fuska ba. Sai an ware. Ƙara nod a ƙarshen jerin da `Alt+S`, kada ka yi wani gyara a cikinsa, na awo ne kawai. Shiga `Window`, ɗauki da'ira, ƙanƙanta ta, ɗora a kuncin ango, sannan danna `Shift+H`. Komai zai koma ruwan toka sai wannan ɗan wurin, bektaskof kuma shi kaɗai zai nuna. A Premiere ana yin haka da `Crop` ko abin rufewa na `Opacity`, a cire bayan an gama.

Inda ka ɗora da'irar yana da muhimmanci ƙwarai, musamman a baƙar fata. Goshi da kan hanci suna sheƙi, ga zufa ga man shafawa. Sheƙin nan kalar fitila ce ko ta sama take dawowa, ba ta fata ba. Idan ka auna can za ka ga alamar ta ja baya zuwa tsakiya, wani lokaci har ta leƙa shuɗi, sai ka ɗauka fatar ta koɗe ka ƙara mata ja, ka ɓata sauran fuskar. Haka ma inuwar ƙasan haɓa da gefen gemu ba wurin awo ba ne. Nemi kuncin da haske ya sauka a kansa ba tare da ƙyalli ba.

Amarya ta fi wuya. Abin da ke kuncinta hoda ce da jan kunci, kuma mai kwalliya da gangan ta sa su. Hannunta ma ba zai taimaka ba saboda lalle. Idan mayafi ya bar wuya a buɗe, auna wuyan. Idan bai bari ba, ka dogara da ango ko wani yaro da ke tsaye a haske ɗaya da ita. Da zarar fatarsu ta hau layi, kwalliyarta za ta fito yadda aka yi ta, ko da alamarta ta ɗan zarce zuwa ja. Ka bar ta haka. Kuɗi aka biya aka yi wannan kwalliyar, ba aikinka ne ka goge ta ba.

Mai da alamar kan layi

A kuncin ango alamar ta fito a dama da layin, ta kusa akwatin `R`, kuma ta yi tsawo. Ma'anarsa fatar ta yi ja kuma kalar ta yi ƙarfi. Karatun bai wuce haka ba: dama da layi ja ne, gaba da shi shunayya, hagu da layi rawaya ce, gaba da ita kore, kusa da tsakiya koɗewa, nesa da tsakiya kala ta yi yawa.

Ƙirƙiri nod na fata bayan na daidaita fari, ka bar na awo a ƙarshe. Buɗe `Curves`, zaɓi `Hue vs Hue`, danna kuncin a hoton, manhajar za ta sa ɗigo uku a kan zanen. Na tsakiya za ka motsa, kaɗan-kaɗan, kana komawa nod ɗin awo kana dubawa, har alamar ta juyo kan layin. Ka buɗa ɗigo biyun gefe su yi faɗi, domin idan suka matse za ka ga fuska ta rabu kala biyu, kunci daban gefen ido daban. Daga nan `Hue vs Sat`, ka sauke wannan kalar daga 1.00 zuwa wajen 0.85, ka duba. Ni a aikina nakan so alamar baƙar fata ta tsaya ƙasa da sulusin tazarar da ke tsakanin tsakiya da akwatin ja, idan an kashe ninki biyun. Ta mai hasken fata takan ɗan fi haka tsawo. Idan ta kai rabi, fuskar ta fara zama ruwan goro.

Yanzu kashe `Shift+H` ka dubi dukan hoton, za ka tarar da matsalar da ta fi damun mu 'yan karkara. Katangar ƙasa, rairayin tsakar gida, tukunyar ƙasa, tabarmar kaba da ankon ƙawayen nan duk a unguwa ɗaya suke da fata a kan da'irar. Da ka juya kalar fuska, su ma sun juya. Katanga ba za ta yi ƙorafi ba, amma masu anko sun san kalar atamfarsu sarai. Maganin shi ne a killace gyaran: a nod ɗin fata ka sa `Window` mai ɗan girma da ya rufe fuska da wuya, ka tausasa gefensa sosai, sannan ka shiga `Tracker` ka bar shi ya bi fuskar gaba da baya. Idan mutum ya juya ko wani ya gifta, bibiyar takan kuɓuce, sai ka gyara da hannu a wurin.

Akwai `Qualifier` da ke tsinto fata ta kalarta, yana kuma da amfani, amma ina jan kunne a kansa. Yawancin kyamarori da wayoyin da muke ɗauka da su 8-bit 4:2:0 suke rubutawa, bayanin kala a ciki kaɗan ne. Idan ka matsa masa, gefen fuska zai riƙa rawa, ƙananan murabba'ai su fito a kunci. In dole ne, ka ƙara `Denoise` da `Blur Radius`, ka haɗa shi da `Window` don kada ya kwaso katanga, kuma ka kalli bidiyon yana tafiya, kada ka yanke hukunci a tsayayyen hoto.

Kada ka nace sai alamar ta zama siririya a kan layin daidai. Fuska ba kala ɗaya ba ce, leɓe da kunci da goshi sun bambanta, don haka alamar lafiyayya tana da ɗan faɗi, ta rungumi layin. Fuskar da aka matse ta zama kala guda kamar roba take fitowa.

Inda LUT ke cin baƙar fata

Wannan shi ne abin da na fi so ka riƙe. An gama gyara, fuska ta hau layi, sai a ɗora LUT, wato shiryayyen salon kala da ake ɗora wa bidiyo, don hoto ya yi kama da fim, a fitar da aiki ba tare da an sake awo ba. Yawancin waɗanda ke yawo a hannun masu editin abu ɗaya suke yi: su zuba shuɗi mai kore a sassan hoto masu duhu, su zuba ruwan goro a masu haske. Mai farar fata a sashen haske yake, sai ya samu ɗumi ya yi kyau. Ango namu kuwa kuncinsa na wajen 350, gefen fuskarsa mai inuwa ya yi ƙasa da haka, wato yana daidai inda ake zuba shuɗin. Wannan shuɗin a da'ira yana fuskantar layin fata ne daga ɗaya ɓangaren, don haka duk wanda aka zuba sai ya janye alamar fatar zuwa tsakiya. Tokar da dangi ke gani ke nan.

Gwada ka gani. Ɗora LUT a nod nasa shi kaɗai, kafin na awo, ka koma kuncin ango da `Shift+H`. A wannan aikin alamarsa ta gajarce ta kusa shigewa tsakiya, ta kuma karkata hagu. Ta amarya akasin haka, ta ƙara tsawo. LUT ɗaya, ya koɗar da ango ya ƙona amarya.

Mataki na farko shi ne rage ƙarfinsa. Zaɓi nod ɗin, shiga `Key`, a ƙarƙashin `Key Output` sauke `Gain` daga 1.000 zuwa 0.500, ko ƙasa, kana komawa nod ɗin awo kana kallon alamar tana dawowa. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa, hoton kuma bai rasa kamanninsa ba. Idan har yanzu ango bai dawo ba, ƙara nod bayan na LUT, sa `Window` mai bibiya a fuskarsa, ka tura ɗigon `Gamma` kaɗan zuwa ƙarfe 11. An jera kalolin da'irar `Gamma` da ta `Lift` daidai da na bektaskof, don haka inda kake so alamar ta je nan za ka tura. Idan inuwar fuskar ce ta yi kore, ka ɗan taɓa `Lift` ma ta wannan gefen, amma ka duba gashi da baƙar hula kada su koma ja. Danna `Ctrl+D` ka kashe nod ɗin ka kunna, ka tabbata ba a ganin zoben gyaran a kewayen kansa.

A nan ne kuma maganar "a ɗan haska ni" ke shigowa. Bektaskof ba zai hana ka ba, tunda bai san haske ba. Kana iya ɗaga kuncin ango daga 350 zuwa 550, alamar na nan kan layi, amma mutumin da ke hoton ba shi ba ne. Za a gane ta wuya da hannu da suka fi fuskar duhu, ta dusar da ta taso a kunci, da kuma yadda fuskar ta baje ta rasa zurfinta. Ina ɗaga haske idan an ɗauka da duhu, har ido da murmushi su fito. Fiye da haka nakan nuna wa mai aikin hotuna biyun a jere ya zaɓa, kuma ra'ayina kullum shi ne baƙar fata mai cikakkiyar kala ta fi wadda aka ɗashe kyau nesa ba kusa ba.

Bayan magariba

Hotunan tsakar gida labarinsu daban. Ƙwan fitila masu arha sukan ba da haske mai sirkin kore, sai alamar fata ta faɗa hagu da layi, fuska ta yi kamar ta marar lafiya. A nan `Tint` ne magani, ka tura shi zuwa shunayya a nod ɗin daidaita fari har farar riga ta dawo tsakiyar da'irar, fata za ta biyo baya. Haka za ka yi wa wanda aka ɗauka a inuwar darbejiya da rana. Za ka kuma ga alamar ta bazu ta yi kauri saboda dusar duhu. Kada ka ƙara ƙarfin kala a irin wannan hoton, dusar ce za ta fi fitowa.

Wani hasken kuma barinsa ake yi. Idan matan da ke girki suna gaban murhu, ko an ɗauki amarya rana na faɗuwa, fuskokinsu za su wuce layi kuma su yi tsawo, mai kallo ya san dalili domin yana ganin wutar. Idan ka mai da su kan layi, wutar za ta koɗe, wurin ya mutu. Tambayar da za ka yi ita ce ko akwai abin da ke cikin hoton da ya bayyana wannan kalar.

Saura daidaita yanka da yanka, musamman idan kyamara biyu aka yi amfani da su. Zaɓi hoton ango da ya fi kyau, danna dama ka zaɓi `Grab Still`. A kowane hoto na gaba a wuri ɗaya, ka kwatanta su gefe da gefe, ka auna kunci ɗaya: kusurwar alamar da tsawonta a bektaskof, tsayinta a `Waveform`. Ido yakan yafe fuskar da ta ɗan kauce daga layi daga farko har ƙarshe, amma nan take yake kama wadda ta yi ja a wannan yankan ta yi rawaya a na gaba.

Kafin ka fitar da dukan aikin, ka tabbata `Shift+H` a kashe yake, ka fitar da minti ɗaya da ya haɗa rumfa da tsakar gida, ka tura wa kanka ta WhatsApp, tunda ta nan yawancin dangi za su gani kuma matse bidiyon da yake yi yakan ɓata sassa masu duhu. Duba a waya biyu ko uku, ka kashe saitin kare ido da ke mai da sikirin rawaya. Wasu wayoyin suna ƙara wa kala ƙarfi tun daga kamfani. Idan waya ɗaya ce ta nuna ja, bektaskof kuma ya ce fata na kan layi, bar aikinka yadda yake. Idan duka sun nuna, koma `Hue vs Sat` ka ƙara saukewa kaɗan, ka sake tura wannan minti ɗayan.